Hannu da Ma'anarsa: Bambancin Al'ummomi Wajen Nuna Ƙauna a Bainar Jama'a da Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Fahimta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda al'ummomi suka sha bamban wajen nuna ƙauna a bainar jama'a, wato riƙe hannu da runguma da sumba da makamantansu. Ta kafa hujjar cewa raba duniya gida biyu, masu kunya da marasa kunya, ba ya fayyace lamarin. Kowace al'umma tana da taɓawar da ta yarda da ita da wadda ta hana, abin da ya bambanta shi ne wanda aka yarje wa ya taɓa wani, da wurin da aka yarda a yi, da ma'anar da masu kallo za su ɗauka. An yi amfani da tsarin Hausawa a matsayin ma'auni, aka kwatanta shi da na Birtaniya, sannan aka duba shari'o'in da aka yi a Dubai da Faransa da Suwidin domin a nuna inda al'ada take komawa doka. Daga ƙarshe an kawo hanyar da baƙo zai bi ya fahimci wurin da ya sauka.

Fitilun kalmomi: kunya, taɓawa, musafaha, baƙunta, al'ada da doka.

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilun 2005, Yarima Abdallah na Saudiyya, wanda a lokacin yake mai jiran gado, ya ziyarci Shugaba George W. Bush a gonarsa da ke Crawford a jihar Texas. An ɗauki hoton shugabannin biyu suna tafiya hannu riƙe da hannu. A Amurka hoton ya zama abin zolaya a jaridu da shirye-shiryen barkwanci. A ƙasashen Larabawa kuwa ba a ga wani abin magana a ciki ba, domin dattijo ya riƙe hannun mai masaukinsa alama ce ta aminci da girmamawa. Da Bahaushen Kano ko na Zinder zai kalli hoton, da wuya ya ga abin mamaki, tunda shi ma haka yake raka amininsa bakin hanya.

Hoto ɗaya ne, amma fassara biyu. Wannan shi ne ginshiƙin matsalar da matafiyi ko sabon mazaunin wata ƙasa yake fuskanta. Yana iya koyon harshen mutane a aji, amma ba a koyar da harshen jiki a aji, kuma kuskure a cikinsa ba ya tsayawa ga abin dariya kawai. Yakan jawo zargi, ko asarar aiki, ko tsayuwa gaban alƙali.

2.0 Abin da Masana Suka Gano

Masanin ɗan'adam Edward T. Hall, a littafinsa na 1966, ya nuna cewa tazarar da mutum yake bari tsakaninsa da wani ba halitta ce zalla ba, koyonta ake yi. Ya lura cewa Balarabe yakan matso kusa idan yana zance, Ba'amurke kuma yakan ja da baya, sai kowannensu ya yi wa ɗan'uwansa mummunar fassara: wannan ya ce wancan yana da girman kai, wancan ya ce wannan ya cika kutse.

A shekarar nan ta 1966, masanin halayyar ɗan'adam Sidney Jourard ya ba da rahoton ƙirgen da ya yi a gidajen shan shayi da kofi na birane huɗu. Ya riƙa zama yana ƙirga sau nawa mutum biyu da ke hira suke taɓa juna cikin sa'a guda. Ya samu sau 180 a San Juan ta Puerto Rico, sau 110 a Paris, sau 2 a Gainesville ta jihar Florida, a Landan kuwa ko sau ɗaya. Wannan ƙirge yana da rauni, domin mutum ɗaya ne ya yi shi, kuma mutanen da ya kalla ba su da yawa. Amma ya isa ya rushe wata fahimta da ta yaɗu, wato ɗaukar Turawa a matsayin al'umma guda. Paris da Landan maƙwabta ne, amma a wannan fanni ratar da ke tsakaninsu babba ce.

Bincike na uku ya shafi sumba. A 2015, William Jankowiak da abokan aikinsa biyu sun duba bayanan al'ummomi 168, suka tarar da sumbar soyayya ta leɓe da leɓe a kashi 46 cikin ɗari kawai. Ke nan abin da finafinai suka sa ake ɗauka a matsayin halin ɗan'adam baki ɗaya, fiye da rabin al'ummomin da aka nazarta ba a shaide su da shi ba.

Iyakar irin waɗannan alƙaluma ita ce suna auna yawa, ba sa auna ma'ana. Ƙirgen Jourard ba zai gaya wa baƙo wane ne ya halatta ya taɓa wane ba. Wannan tambaya kuwa ita ce take da amfani a aikace, kuma don a amsa ta, sai baƙo ya fara sanin tsarin da shi kansa ya taho da shi.

3.0 Tsarin da Bahaushe Yake Tahowa da Shi

A al'adar Hausawa, kunya ita ce take tsara yadda ake nuna ƙauna. Abin lura shi ne kunya ta fi tsananta a dangantakar da ta fi kusa. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce Malam ko Alhaji ko maigida ko baban wane. Iyaye sukan yi kara ga ɗan fari, ba sa faɗin sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya kawo misalan wannan kara tsakanin uwa da ɗanta na fari da kuma tsakanin surukai. Miji da mata ba sa tafiya suna riƙe da juna a titi, kuma saurayi idan ya je zance yakan tsaya a ƙofar gida ko a zaure, da 'yar tazara tsakaninsa da budurwar. Ko a finafinan Hausa na Kano, inda soyayya ce jigo mafi yawa, namiji da mace suna waƙa da rawa ba tare da sun taɓa juna ba.

Wannan ba ya nufin ƙauna ta yi ƙaranci. An sauya mata mazauni ne. Ana nuna ta ta hanyar girki da kyauta da rakiya da doguwar gaisuwa da ziyarar dubiya. Taɓawa kuwa tana nan da yawa, sai dai an keɓe ta ga wasu mutane. Aminai maza suna riƙe hannu suna tafiya, musafaha takan daɗe har a gama gaisuwa hannu bai rabu ba, mata suna yi wa juna kitso da lalle, kuma yaro ƙarami na kowa ne: maƙwabci yana ɗaukarsa, baƙo yana shafa kansa, ya ba shi alewa. Akwai kuma wasan kakanni da jikoki, inda tsoho zai kira 'yar jikarsa matarsa, kowa ya yi dariya.

A taƙaice tsarin yana da ƙa'idoji uku. Taɓawa tsakanin jinsi ɗaya abota ce. Taɓawa tsakanin namiji da mace a fili abin kunya ce ko da ma'aurata ne. Taɓa yaro kuwa alheri ne. Wanda ya tashi cikin wannan tsari ba ya ganinsa a matsayin tsari, yana ganinsa a matsayin yadda duniya take. Sai ya fita sannan yake gane cewa wasu sun jera nasu ƙa'idojin daban.

4.0 Inda Tsarin Ya Juye: Misalin Birtaniya

A ɗauki misalin wani magidanci Bahaushe da ya sauka a wata jami'a ta Ingila domin karatun digiri na biyu. Cikin makonnin farko zai tarar cewa ƙa'idojin nan uku duk sun juye.

Ta farko, wani abokinsa na ƙuruciya ya tarbe shi a tashar jirgin ƙasa, suka kama hanya yana riƙe da hannunsa kamar yadda suka saba. Babu dokar da suka karya, kuma da wuya wani ya tanka. Amma masu wucewa za su ɗauke su a matsayin masoya, domin a can riƙe hannu tsakanin manya biyu alama ce ta soyayya. Masanin zamantakewa Erving Goffman ya kira irin wannan alamar ɗauri, wato abin da mutum biyu suke yi wanda yake sanar da jama'a irin alaƙarsu. Alamar iri ɗaya ce da ta gida, saƙon da take isarwa ne ya bambanta.

Ta biyu, zai ga namiji da mace suna sumbatar juna a bakin tasha, babu wanda ya ko ɗaga kai. A nan kuskuren da yake jiransa ba na aikatawa ba ne, na kallo ne da na fassara. Ƙura wa mutane ido shi ne rashin ladabi a wurin, ba sumbar ba. Goffman ya bayyana yadda mutanen birni suke yi wa juna ɗan gajeren kallo sannan su kau da kai, a matsayin girmamawa. Haka kuma dokar da ta halatta auren jinsi a Ingila da Wales ta wuce tun 2013, don haka zai ga irin waɗannan ma'aurata a fili. Abin da ya yi imani da shi a zuciyarsa nasa ne, amma zagi ko tsangwama a titi suna iya zama laifi a ƙarƙashin dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986.

Mafi haɗari a wannan gaɓa ita ce fassarar da zai iya yi wa mata. Idan abokiyar karatu ta rungume shi ranar da aka gama jarrabawa, ko ta yi masa murmushi ta zauna kusa da shi, a ma'aunin gida wannan babban al'amari ne, a ma'aunin can kuwa gaisuwa ce kawai. Wanda ya ga ana sumba a titi ya ɗauka cewa jikin mace ba shi da shamaki a ƙasar, ya yi babban kuskure. Shamakin yana nan, sai dai ba jinsi ne ya gina shi ba, amincewar mutum ce. A ƙarƙashin dokar laifuffukan jima'i ta 2003, taɓa mutum ta fuskar sha'awa ba da yardarsa ba laifi ne, ko da ta saman tufafi ne. Dokar daidaito ta 2010 kuma ta sa irin wannan hali a wurin aiki cikin abin da ake kira tsangwama. Rungumar da wata ta yi masa jiya ba izini ba ce gare shi ya dafa ta yau.

Ta uku ita ce ta yara, kuma ita ce aka fi mantawa a gargaɗi sababbin zuwa. Magidancin ya ga yaron maƙwabta a filin wasa, ya ɗauke shi, ya ciro alewa ya ba shi. A gida da an yaba masa. A can uwar yaron tana iya firgita ta kira 'yan sanda, domin an horar da iyaye da makarantu su yi zargin baƙon da yake neman kusantar yaro da kyauta. Wasan kakanni na kiran yarinya matata kuwa, idan aka fassara shi ga malamar makaranta, babu bayanin al'ada da zai saukaka shi cikin sauri.

Darasin wannan misali shi ne Birtaniya ba ta rasa hani ba. Ta ɗauke shi ne daga tsakanin ma'aurata, ta ɗora shi a kan baƙo da yaro, da kuma duk taɓawar da ba a nemi yarda ba.

5.0 Inda Al'ada Take Komawa Doka

Saɓa wa al'ada yakan ƙare da harara ko tsegumi. Amma a wasu wurare hukuma tana bayan al'adar, kuma ya zama wajibi baƙo ya san inda wannan iyaka take.

A 2010 wata kotu a Dubai ta yanke wa wasu 'yan Birtaniya biyu, namiji da mace, ɗaurin wata guda tare da kora daga ƙasar, bayan wata mata 'yar ƙasar ta kai ƙara cewa sun sumbaci juna a gidan cin abinci. Su sun ce a kumatu ne kawai, amma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yadda shari'ar ta faro. Ba 'yan sanda ne suke sintiri suna neman masu sumba ba, ƙorafin mutum ɗaya ne ya tayar da ita. Saboda haka ganin wasu sun yi abu ba a kama su ba, ba hujja ba ce cewa an halatta shi. A Saudiyya ma, lokacin da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a watan Satumban 2019, an fitar da ƙa'idojin ɗa'ar jama'a masu ɗauke da laifuffuka 19 da ake cin tara a kansu, aka kuma gargaɗi baƙi su guji nuna soyayya a fili. Bahaushe ba zai sha wahala da wannan ba, domin ya yi daidai da tarbiyyarsa. Amma 'ya'yansa da suka tashi a Landan ko Houston, idan sun je Umara ko hutu, su ne suke buƙatar a yi musu bayani.

A Turai kuwa matsalar takan zo ta ɗaya gefen, wato ba yin taɓawa ba, ƙin yin ta. Shari'o'i biyu da aka yanke a 2018 sun cancanci a kwatanta su, domin abin da ya faru kusan iri ɗaya ne amma sakamakon ya saɓa.

A Faransa, wata mata 'yar Aljeriya da ta auri Bafaranshe ta nemi zama 'yar ƙasa. A wajen bikin karɓar sababbin 'yan ƙasa a 2016, ta ƙi yin musafaha da jami'ai maza biyu bisa dalilin addini. Gwamnati ta hana ta zama 'yar ƙasa bisa hujjar rashin sajewa da al'umma, kuma a watan Afrilun 2018 babbar kotun da ke duba hukunce-hukuncen gwamnati ta tabbatar da hakan. Kotun ta ba da muhimmanci ga wuri da lokacin da abin ya faru, wato biki ne na hukuma mai ɗauke da alama.

A Suwidin, wata Musulma ta je ganawar neman aikin tafinta a birnin Uppsala. Da mai ganawar, namiji, ya miƙo hannu, sai ta ɗora nata a ƙirji ta gaishe shi. Nan take aka katse ganawar. A watan Agustan 2018 kotun ƙwadago ta yanke cewa an nuna mata wariya, ta ba da umarnin a biya ta diyyar kurona 40,000. Daga cikin abin da ya taimake ta akwai bayaninta cewa idan tana cikin taron maza da mata, gaisuwa iri ɗaya take yi wa kowa, hannu a ƙirji. Alƙalan ma ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, uku ne suka rinjayi biyu.

Ƙasashen biyu dokokinsu daban ne, kuma ɗaya shari'ar ta zama ɗan ƙasa ce, ɗayar ta neman aiki, don haka ba za a ce dabara ɗaya ce ta raba su ba. Duk da haka kwatancin ya bayyana abu biyu. Na ɗaya, abin da Bature yake ji idan an ƙi hannunsa ba kamun kai ba ne, yana jin an ƙasƙantar da shi saboda jinsinsa. Na biyu, wanda ya daidaita gaisuwarsa ga kowa ya rage ƙarfin wannan zargi. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin musafaha tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba, kuma warware wannan ba aikin maƙalar nan ba ne. Abin da ya shafe ta shi ne wanda ya zaɓi kada ya yi musafaha ya san nauyin da zaɓin yake da shi a ƙasar da yake, ya kuma san yadda zai gabatar da shi.

6.0 Yadda Baƙo Zai Karanta Wuri

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da hanya mai matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne ya zaɓi waɗanda zai lura da su. Ba 'yan yawon buɗe ido ba, ba kuma matasan da suka fito daga gidan rawa da dare ba. Ya kalli 'yan ƙasa sa'o'insa, masu matsayi irin nasa, da rana, a wurin aiki ko kasuwa. Ya lura da wanda yake fara miƙa hannu, da tsawon lokacin da hannun yake ɗauka, da abin da yake faruwa idan namiji da mace suka haɗu. A Sudan maza sukan dafa kafaɗar juna kafin musafaha. A ƙasashen Larabawan Tekun Fasha sukan haɗa hanci, ƙarami kuma ya sumbaci goshin babba. A Paris sumbar kumatu biyu gaisuwa ce tsakanin abokai, a wasu sassan kudancin Faransa uku ake yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nufin soyayya.

Mataki na biyu shi ne kada ya zama mai farawa. A duk inda bai tabbatar ba, ya bar ɗan ƙasa ya fara, musamman idan mace ce ko yaro. Kuskuren wanda ya yi jinkiri ya fi saurin gyaruwa a kan na wanda ya yi gaggawa.

Mataki na uku ya shafi wanda ba zai karɓi wata gaisuwa ba. Ya riga mai gaishe shi: tun kafin hannu ya miƙo, ya ɗora nasa a ƙirji, ya saki fuska, ya faɗi kalmar gaisuwa. Barin hannun mutum a rataye a gaban jama'a shi ne yake jawo jin kunya da fushi. Idan ganawar aiki ce ko bikin hukuma, sanar da masu shiryawa tun da wuri ya fi bayani bayan an ɓata.

Mataki na huɗu shi ne ya san alamun kuskure. Idan mutum ya ja da baya taku ɗaya, ko ya sandare, ko ya zare hannunsa da sauri, ko ya sa jaka tsakaninsu, to an ƙetare iyaka. Abin yi shi ne a ja baya a ba da haƙuri a taƙaice. Cewa haka ake yi a garinmu yana iya zama bayani ga aboki, amma ba kariya ba ce a gaban shugaban ma'aikata ko alƙali.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bambancin al'ummomi a wannan fanni bambancin rabon izini ne. Bahaushe ya buɗe ƙofar taɓawa ga amini da yaro, ya rufe ta ga ma'aurata a fili. Mutumin Birtaniya ya buɗe ta ga ma'aurata, ya rufe ta ga baƙo da ɗan wani, ya kuma sa yardar mutum ta zama mabuɗi. Hausawa sun ce idan ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A wannan batu karin maganar tana buƙatar ƙaidi, domin ba a buƙaci baƙo ya rungumi abin da imaninsa ya hana shi ba. Abin da ba zai iya kauce masa ba shi ne sanin yadda ake fassara hannunsa idan ya miƙa shi, da yadda ake fassara shi idan ya janye. Akwai kuma fagen da ya kamata manazarta Hausa su shiga, wato yadda 'ya'yan Hausawa da suka tashi a Birtaniya da Amurka da Saudiyya suke sauya tsari tsakanin falon iyayensu da harabar makaranta, da irin saɓanin da hakan yake haifarwa idan sun koma gida ziyara.